Jerin Wallafe-wallafe a Takardar Neman Aikin Koyarwa a Jami'a

Masu tantance takardar tarihin karatu da aiki sukan fi tsananta bincike a kan jerin wallafe-wallafe, a nan ne kuwa yawancin masu nema suke yin tuntuɓe.

A ɗauki misalin wanda ya jera ayyuka tara a rukuni guda. Da aka duba, uku ne kaɗai suka fito a mujalla, ɗaya an karɓa ba a buga ba tukuna, biyu suna hannun edita, sauran ukun kuwa muƙalu ne na taron ƙara wa juna sani. Kamata ya yi ya fara da ukun farko, kowanne da shekara da fitowa da shafuka. Wanda aka karɓa ya biyo baya, tare da wasiƙar edita a matsayin shaida. Biyun nan ba su zama wallafa ba, domin ana iya ƙin su. Muƙalun taro kuwa rukuninsu daban, da wuri da kwanan wata.

Haka nan tallafin bincike: a faɗi wanda ya bayar, da adadin kuɗin, da ko shi ne jagora. A wajen duba kundayen ɗalibai ma, a ware waɗanda suka kammala daga waɗanda suke kai.