Sauyin Fuska a Bidiyo: Yadda Za a Tura Shi ta WhatsApp Ba Tare da Ya Lalace Ba

Masu shirya gajerun bidiyon barkwanci sun san wannan takaici. Mutum ya kwana yana ɗora fuskarsa a jikin abokinsa domin ya fito a matsayin uba da ɗa a fage guda, a kwamfuta komai ya zauna daram, amma da ya tura wa dangi ta WhatsApp sai a ga wani zobe ya kewaye haɓa, kumatu sun yi dabbare-dabbare, launin fuska ya bambanta da na wuya. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan manhajar sauya fuskar, alhali ɓarnar ta faru ne a mataki na ƙarshe, wato lokacin fitar da fayil da matse shi. Maganin kuwa guda ne: ka matse bidiyon da kanka, sau ɗaya tak, daga kwafi mafi tsabta da kake da shi, kuma ka kai shi girman da manhajar saƙo ba za ta sami abin yankewa da yawa ba.

Fuskar da aka ɗora ita ce wuri mafi rauni a hoton, kuma akwai dalili. Samfurin da manhajoji irin su Roop da FaceFusion suka yi suna da shi, mai suna inswapper_128, yana ƙera fuska ne a ɗan murabba'i mai fikzil 128 a tsaye da 128 a kwance. Daga nan ake buɗa ta ta cika gurbin fuskar asali, wani lokaci a bi ta da mai gyara irin GFPGAN ko CodeFormer. Sakamakon shi ne fata mai santsi fiye da kima, zaune a tsakiyar hoton da ke cike da 'yan ɗige-ɗigen da kyamarar waya ke bari, musamman idan an yi ɗauka cikin ƙarancin haske. A inda santsin ya haɗu da ɗige-ɗigen akwai iyaka, wadda aka shafe gefenta don kada ido ya kama ta. Ban da haka, ana ƙera fuskar ne firam bayan firam, don haka takan yi ɗan rawa kaɗan wanda ba a lura da shi a kwafin asali.

Matsewa kuma tana aiki ne ta hanyar yanka hoto gida-gida. Tsarin JPEG yana raba hoto zuwa murabba'ai masu fikzil 8 sau 8, tsarin bidiyo na H.264 kuma yana aiki da 16 sau 16. Idan wuri ya yi ƙaranci, sai a zubar da ƙananan bambance-bambancen da ke cikin kowane gida. Shafaffen gefen nan da ya ɓoye iyakar fuska ƙaramin bambanci ne, shi ya sa yake cikin abin da ake fara zubarwa, sai iyakar ta fito fili. Fata mai santsi kuma, wadda haske ke sauka a kanta sannu a hankali daga goshi zuwa kumatu, takan koma hawa-hawa. Launi ma ba a adana shi cikakke: a tsarin da wayoyi ke amfani da shi, fikzil huɗu ne ke raba bayanin launi guda, shi ya sa jan leɓe ke malala zuwa fata. Duk wata sabuwar matsewa tana ɗorawa ne a kan ɓarnar ta baya, kamar fotokwafin da aka ciro daga wani fotokwafin.

Saboda haka matakin farko shi ne ajiye uwar fayil. Idan manhajar sauya fuskar tana iya fitar da firam-firam a matsayin hotunan PNG, kamar yadda DeepFaceLab ke yi a matakin haɗawa, to a riƙe su, domin PNG ba ya zubar da komai. Idan bidiyo kawai take fitarwa, a kai ma'aunin ingancinsa ƙarshe, ko da fayil ɗin zai yi nauyi. Daga wannan uwa za a ciro duk wani kwafin turawa. Kwafin da ya riga ya bi ta WhatsApp ba abin sake gyarawa ba ne.

Mataki na biyu shi ne sanin hanyar da fayil zai bi. Idan aka tura bidiyo daga ma'ajiyar hotuna ta WhatsApp, manhajar kan rage shi zuwa layi 480, sai dai in an taɓa alamar HD da aka ƙaro a 2023, wadda ke barin sa a 720. Idan kuwa aka tura shi a matsayin Document, ba a taɓa shi sam, kuma tun 2022 wannan hanya tana ɗaukar har gigabait 2. Telegram ma yana da zaɓin tura abu a matsayin fayil, ba tare da matsewa ba. Sai dai mai karɓa da datarsa zai sauke, kuma mutane da dama ba sa buɗe fayil mai nauyi. Shi ya sa ko ta wace hanya za a bi, rage nauyin da hannunka ya fi.

Mu ɗauki misali. Wani ya gama bidiyo mai sakan 45, a tsaye, faɗinsa fikzil 1080, tsayinsa 1920, firam 30 a kowane sakan. Uwar fayil ɗin tana cin megabit 20 a sakan, wato 20 sau 45 a raba da 8, kimanin megabait 112. Yana son ya sauko da shi ƙasa da megabait 16, iyakar da aka daɗe da sanin WhatsApp da ita wajen bidiyo. Sababbin fitowar manhajar sun sassauta, amma wannan awo har yanzu yana da daɗi ga mai ƙaramar data. Sai ya nufi megabait 15 don ya bar ɗan sarari. Megabait 15 sau 8 megabit 120 ke nan, a raba da sakan 45, ya ba da wajen kilobit 2,670 a sakan. Murya za ta ɗauki 96, kuma idan ya sake barin rara, hoto ya tashi da 2,400.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure: sukan bar girman a 1080 suna ganin shi ne inganci. Firam ɗin 1080 sau 1920 yana da fikzil sama da miliyan 2, na 720 sau 1280 kuma yana da 921,600. Idan kasafin bit ɗaya ne, kowane fikzil a ƙaramin firam yana samun fiye da ninki biyu na rabon da zai samu a babba. A allon waya, 720 mai tsabta ya fi 1080 mai dabbare-dabbare kyau nesa ba kusa ba. Akwai ma ƙarin riba: da yake fuskar da aka ɗora ba ta da kaifi sosai tun asali, rage girman yana kusanto da kaifin sauran hoton zuwa nata, sai su fi dacewa da juna.

Ga mai aiki da ffmpeg, wanda kyauta ne, umarni guda ya isa. Mai Windows ya rubuta shi a layi ɗaya, ya cire sandunan ƙarshen layi:

```
ffmpeg -framerate 30 -i hotuna/%05d.png -i asali.mp4 -map 0:v -map 1:a \
-vf "scale=720:1280:flags=lanczos:out_color_matrix=bt709,format=yuv420p" \
-c:v libx264 -preset slow -crf 21 -maxrate 2400k -bufsize 4800k \
-colorspace bt709 -color_primaries bt709 -color_trc bt709 \
-c:a aac -b:a 96k -movflags +faststart tura.mp4
```

Lambar `crf` ita ce ma'aunin inganci, kuma duk lokacin da ta yi ƙasa, hoto ya fi kyau, fayil ya fi nauyi. Idan ba a rubuta komai ba, 23 ake samu, amma fuskar da aka ɗora ta fi son 20 ko 21. `maxrate` shi ke hana fayil ɗin ƙetare kasafin da aka lissafa, shi kuwa `slow` yana ba kwamfuta lokaci ta raba bit ɗin da basira. `yuv420p` yana da muhimmanci, domin in an ciro bidiyo daga PNG ba tare da shi ba, wasu wayoyi ba za su buɗe shi ba. Maimaita `bt709` kuma saboda launin fata ne. Akwai tsohon ma'aunin launi na talabijin ɗin da, akwai na zamanin babban hoto, kuma idan aka juya launi da ɗaya waya ta karanta da ɗayan, fata takan karkata zuwa ja ko kore. Wanda ya fi son latsa maɓalli zai sami yawancin wannan a HandBrake: ya zaɓi Fast 720p30, ya kai RF zuwa 21, ya sa alama a Web Optimized, sannan ya duba nauyin abin da ya fito.

Yawan firam kuma a bar shi yadda aka ɗauka. Wayoyi da yawa suna ɗaukar bidiyo da gudun firam mai sauyawa, don haka idan aka warware shi zuwa hotuna aka sake haɗawa da wata lamba dabam, murya kan riga leɓe ko ta makara, kuma tazarar tana ƙaruwa zuwa ƙarshe. Alamar ke nan: farkon bidiyo daidai, ƙarshensa a goce. Gyaran shi ne a mayar da bidiyon asali zuwa tsayayyen firam 30 tun kafin a fara sauya fuskar.

Gwaji na gaskiya shi ne mutum ya tura wa kansa, ya buɗe a wata waya, ya ƙara hasken allo, ya tsayar da bidiyon a inda kai ke juyawa da sauri. Idan zoben haɓa yana nan har a uwar fayil, matsalar haɗin fuska ce, babu matsewar da za ta ɓoye ta, sai an koma an faɗaɗa shafin gefen. Idan uwar tana da tsabta amma kwafin da aka fitar ya nuna gida-gida lokacin motsi, bit ne ya yi kaɗan: a rage tsawon bidiyon, ko a sauko zuwa 540 sau 960. Idan kwafin da aka fitar yana da kyau amma wanda ya iso ɗaya wayar ya lalace, manhajar saƙon ce ta sake matsewa, domin ko fayil ya yi ƙanƙanta ba ta yi alkawarin ƙyale shi ba. A nan sai a koma hanyar Document. Hawa-hawan goshi kuma ana rage shi da watsa ɗige-ɗige kaɗan a kan hoton kafin matsewa, misali da `noise=alls=3:allf=t` a ƙarshen jerin `-vf`. A yi hattara da yawansa, don ɗige-ɗige ma bit suke ci.

Hoto tsayayye ya fi sauƙi. A rage dogon gefensa zuwa fikzil 1600, wanda shi ne kusan awon da WhatsApp ke mayar da hotuna a turawa ta yau da kullum, a adana shi JPEG da inganci kusan 90, sau ɗaya, daga PNG. Kada a ƙara masa kaifi da yawa, domin hakan yana zana farin layi a daidai iyakar da ake son ɓoyewa.

Abu na ƙarshe da ya kamata a yi kafin fitarwa shi ne rubuta a jikin hoton cewa fuska sauyayya ce, bayan an sami yardar mai fuskar da mai jikin. Bayanin da aka rubuta a ƙasan saƙo yana ɓacewa da zarar wani ya sauke bidiyon ya sake turawa, bayanan da ke ɓoye cikin fayil kuma manhajar kan goge su. Rubutun da ke cikin firam ne kaɗai ke bin bidiyo duk inda ya je. A yi shi da baƙaƙe masu kauri, farare a kan baƙar shimfiɗa, a ɗan nesa da gefe, domin siraran baƙaƙe suna narkewa idan wani ya sake tura bidiyon aka sauko da shi zuwa layi 480.