Ɗan Aike Ya Je, Gida Ya Tashi: Zaɓen Adireshin Shafi da Ranar da Za a Canza Shi

A ɗauka wata makaranta ce ta buɗe shafin intanet, ta sa fom ɗin neman gurbin karatu a ciki. Sakataren makarantar ya rubuta kan shafin kamar yadda zai rubuta a takarda: Fom ɗin Shiga 2023. Manhajar da ake gina shafin da ita ta ɗauki wannan kan magana yadda yake, ta mayar da shi adireshi. Da aka kwafo shi za a tura wa iyaye ta WhatsApp, ga abin da ya fito:

```
example.com/Fom%20%C9%97in%20Shiga%202023
```

Wani uba ya duba ya ce, “Malam, wannan adireshi ne ko lambar katin waya?” Duk da haka an buga shi a takardun sanarwa, an liƙa a ƙofar makaranta da bangon masallaci. Bayan shekara guda sakataren ya ga munin abin, ya gyara. Daga ranar, duk wanda ya bi adireshin da ke jikin takarda, abin da ke tarbarsa shi ne lamba 404, wato babu wannan shafi a nan.

Kurakurai biyu ne suka haɗu a wannan labari. Na farko an yi shi ranar raɗa wa shafin suna, na biyu kuma ranar canza sunan.

Ɓangaren ƙarshe na adireshi, wanda ke bambanta wannan shafi da sauran ’yan’uwansa, shi ne wutsiyar adireshi. A manhajoji irin su WordPress za a ga an rubuta `slug` a gurbinsa. Dalilin da ya sa wutsiyar makarantar nan ta cika da alamar kashi cikin ɗari kuwa mai sauƙi ne. Ƙa’idar adireshin intanet ba ta yarda da komai ba sai baƙaƙen Ingilishi da lambobi da wasu ’yan alamomi. Duk abin da ya fita daga cikinsu, sai an sake masa kama. Tazarar da ke tsakanin kalmomi takan koma `%20`. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa ma haka: ɗ takan zama `%C9%97`, ƙ ta zama `%C6%99`, ɓ kuma `%C9%93`. Burauzar zamani takan ɓoye wannan, ta nuna wa mai karatu harafin yadda ya san shi, amma sau da yawa da zarar an kwafa an liƙa a saƙo, sai asiri ya tonu.

Wikipedia ta Hausa tana barin waɗannan baƙaƙe a adireshinta, kuma shafukan suna buɗuwa lafiya. Amma wanda adireshinsa zai hau takarda, ko za a karanta shi a rediyo, ko a danna shi da hannu a wayar da babu ƙ a allonta, gara ya sauke lanƙwasar. Sai dai a nan akwai tarko irin na Hausa. Idan aka sauke ta, “baƙi” ya zama “baki”, “ƙafa” ta zama “kafa”. Shafin masaukin baƙi da aka raɗa wa `/baki` zai iya sa mutum ya zaci asibitin haƙori ne. Maganin shi ne ƙara kalma guda da za ta raba gardama, kamar `/masaukin-baki`. Alamar da ke gaban ’yan da ’ya’ya ita ma a jefar da ita, a rubuta `yan-kasuwa` kawai.

Sauran ƙa’idojin ba su da yawa. A yi amfani da ƙananan baƙaƙe zalla, domin a wutsiyar adireshi `Fom` daban, `fom` daban a wurin kwamfutoci da yawa, kuma Google ma shafuka biyu yake ɗaukarsu. A raba kalmomi da karan ɗori, wanda shi Google ya fi so a kan layin da ake ja a ƙasa. Kalmomi biyu zuwa huɗu sun wadatar, ba sai an kwashe kan labarin gaba ɗaya ba.

Ƙa’idar da ta fi waɗannan nauyi ita ce kada a sa wa adireshi abin da zai tsufa. A 1998 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo, ya rubuta wata maƙala a kan wannan batu, inda ya nuna cewa adireshi ba ya lalacewa da kansa, masu shi ne ke canza shi. Ya ja kunne a kan cusa abubuwa kamar sunan marubuci, ko matsayin takarda na sabuwa ko tsohuwa, ko sunan manhajar da aka yi aiki da ita. Makarantarmu ta faɗa wannan rami da ta sa 2023. Fom ɗin shiga abu ne da ake nema kowace shekara, don haka `/fom-din-shiga` ya ishe shi har abada, a riƙa sabunta abin da ke ciki. Shekara tana da amfani ne idan ita ce ainihin abin, kamar sakamakon jarrabawar 2023, wanda ba zai taɓa zama na 2024 ba. Haka farashi, haka sunan shugaban makaranta: duk masu wucewa ne.

Wasu manyan kafafen labarai sun kauce wa rigimar baki ɗaya. Adireshin labaran BBC Hausa ba ya ɗauke da kan labarin, wasu baƙaƙe da lambobi ne kawai, saboda haka edita zai iya gyara kan labari sau goma adireshi bai motsa ba. Ƙaramin shafi ma zai iya koyon wannan: gyara kan magana bai wajabta taɓa wutsiya ba.

To idan canjin ya zama dole fa? Tambayar farko ita ce ko tsohon adireshin ya taɓa fita daga hannun mai shi. Shafin da bai wuce matakin daftari ba, babu wanda ya gan shi, a canza shi yadda aka ga dama. Amma wanda aka wallafa, aka tura a saƙo, aka buga a takarda ko aka mayar da shi lambar QR, ko Google ya riga ya shigar da shi kundinsa, wannan ya bar gida. Sakatare ba zai iya bin wayoyin iyaye ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa ba. Abin da zai iya shi ne barin saƙo a tsohon wuri, kamar yadda mai shagon da ya tashi kan gaya wa maƙwabcinsa, “Alhaji, duk wanda ya zo nemana, ka nuna masa layi na uku.” Wannan shi ne karkatarwa: burauza ta nemi tsohon adireshi, kwamfutar da ke ajiye da shafin ta amsa da wata lamba tare da sabon adireshi, burauza ta wuce can kafin mai karatu ya ankara.

Tambaya ta biyu ita ce ina abin ya koma. Shafin fom ya koma sabon adireshi dindindin, lambarsa 301. Idan makarantar ta haɗe shafin kuɗin makaranta da na kuɗin mota suka zama ɗaya, tsofaffin biyun duk su nuna sabon da 301. Idan kuwa an rufe karɓar fom na wata biyu, ana so a kai mutane shafin sanarwa kafin a sake buɗewa, lambar ita ce 302, wadda ke cewa tafiyar ta ɗan lokaci ce. Bambancin ba na ado ba ne. Burauza takan haddace 301, ta daina tambayar tsohon wuri, har ta kai ko an janye umarnin wasu wayoyin su ci gaba da bin sa. Shi ya sa masu aikin kan fara gwaji da 302, sai sun tabbatar sannan su mayar 301.

Akwai kuma shafin da ba shi da magaji, kamar sanarwar wasan ƙwallon da aka yi shekaru uku da suka wuce. Wannan a bar shi ya ba da 404, ko 410 mai nufin an cire shi da gangan. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwashe duk matattun adireshi a tura su shafin farko. Uban da ke neman fom ya tsinci kansa gaban hoton ƙofar makaranta da jawabin maraba, bai san ko shi ya yi kuskure ba. Google ma yakan ɗauki irin wannan a matsayin 404 da aka yi wa kwalliya.

A ce makarantar ta yi ta canji kowace shekara, daga `/fom-2024` zuwa `/fom-2025`, sannan zuwa na dindindin. Idan kowane tsoho yana nuna wanda ya gaje shi, an ƙulla sarƙa, kuma kowane zango tafiya ce ta daban zuwa kwamfutar da komowa, abin da mai raunin sabis zai ji a jikinsa. Manhajar Google mai zagaya shafuka takan bi zango har goma, daga nan ta haƙura. Gyaran shi ne kowane tsoho ya nufi na ƙarshe kai tsaye. A kwamfutar da ke aiki da Apache, layi biyu ne a fayil ɗin `.htaccess`:

```
Redirect 301 /fom-2024 /fom-din-shiga
Redirect 301 /fom-2025 /fom-din-shiga
```

Mafi muni shi ne zagaye, inda wannan ke nuna wancan, wancan kuma yana dawo da mutum nan. Alamarsa a Chrome ita ce `ERR_TOO_MANY_REDIRECTS`. Hanyar gwaji kuwa ita ce umarnin nan, wanda bai haddace komai ba, saɓanin burauza:

```
curl -I https://example.com/fom-2024
```

A amsar, a nemi 301 a layin farko, da layin `Location` mai ɗauke da sabon adireshi. Sannan a gwada sabon shi ma, a ga ya ba da 200, lambar da ke nufin an sami shafi.

Masu WordPress suna da ɗan sauƙi, amma da iyaka. Idan aka canza wutsiyar rubutun da aka wallafa a sashen `Posts`, manhajar takan ajiye tsohuwar ta karkatar da kanta. Wannan ajiyar ba ta shafi sashen `Pages` ba, kuma a nan ne shafi irin na fom yakan zauna. Dole a sa umarnin da hannu, a kuma bi mahaɗan da ke cikin shafin kansa a gyara su.

Har yaushe za a bar umarnin? Google ya ce aƙalla shekara guda, amma wannan lissafin injin bincike ne, ba na takardar da ke bangon masallaci ba. Cibiyar Pew ta Amurka ta gano a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke raye a 2013 ba sa buɗuwa bayan shekaru goma. Gwamnatin Birtaniya kuwa, da ta buɗe GOV.UK a Oktoban 2012 a madadin Directgov da Business Link, sai da ta jera tsofaffin adireshin tana haɗa su da sababbin wurarensu. Makarantarmu ba ta da dubban shafuka. Abin da ke gaban sakatare shi ne ya buɗe rajistar ziyara ta shafin a farkon kowane zangon karatu, ya ga ko har yanzu akwai masu ƙwanƙwasa `/fom-2024`. Muddin akwai su, layin nan na `.htaccess` yana nan daram.