Ko ka sani? Jan bunsuru da jar akuya suna iya haifar baƙi

Daga Agye zuwa Gazawa, daga Tibiri zuwa Gidan Rumji, da wuya a shiga gida ba a ga jar akuya a turke ba. Ita ce jar akuyar Maraɗi, ƴar'uwar ta Sakkwato, wadda ta yi suna wajen haifar tagwaye da kuma laushin fata, har aka kafa mata cibiyar kiwo ta musamman a Maraɗi a farkon shekarun 1960. Duk da haka, a kan wayi gari jar akuyar da jan bunsuru ya hau ta haifi ɗa baƙi wuluk. Sau da yawa zargi kan faɗa kan bunsurun maƙwabta, alhali mai yiwuwa ne baƙin a jikin iyayen biyu yake kwance tun fil azal.

Kowane ɗan akuya yana gadon ƙwayar launi guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A jinsunan awaki da yawa ƙwayar ja ita ke da rinjaye, ta baƙi tsantsa kuwa laɓewa take yi, ba ta bayyana sai ta haɗu da irinta. Masana suna rubuta mai rinjaye da babban harafi, mai laɓewa da ƙarami. In J ja ce, j kuma baƙa, to akuya mai JJ ja ce, mai Jj ma ja ce, sai mai jj kaɗai ke fitowa baƙa. Wato jajayen awaki iri biyu ne, kuma ido ba ya iya raba su.

Gregor Mendel ne ya fara bayyana wannan ƙa'ida a 1866, daga gwajin da ya yi da wani irin wake. A farkon ƙarni na 20 kuma Reginald Punnett na Jami'ar Cambridge ya fito da ɗan jadawalin da ake kira da sunansa, mai gida huɗu. Ana jera ƙwayoyin uba biyu a sama, na uwa biyu a gefe, sannan a cika kowane gida da harafin samansa da na gefensa. Ga yadda yake in iyayen duka Jj ne:

```
      J     j
J    JJ    Jj
j    Jj    jj
```

Gida uku na ja ne, ɗaya na baƙi. A nan ne mutane da dama suke kuskuren karatu, su ɗauka cewa cikin kowane ƴaƴa huɗu dole a sami baƙi guda. Abin da jadawalin ke faɗa shi ne kowane ɗa, a karan kansa, yana da damar ɗaya cikin huɗu ta fitowa baƙi, kamar yadda tsabar kuɗin da aka wurga sama ba ta tuna fuskar da ta faɗi a kai ɗazu. Akuya tana iya haifar jajaye shida a jere, tana kuma iya haifar tagwaye baƙaƙe a cikin farko, ko da yake damar hakan ɗaya ce cikin 16.

Akwai wani abu kuma a cikin gidajen nan uku na ja: biyu daga ciki Jj ne. Ke nan jan ɗan da waɗannan iyaye suka haifa, damar ya zama yana ɗauke da baƙi a ɓoye biyu ce cikin uku. Shi ya sa dandaƙe baƙaƙen bunsuraye kaɗai ba ya kawar da baƙi daga garke da wuri, domin ƙwayar tana ci gaba da tafiya a jikin jajayen da kowa ya yarda da su.

Jadawalin Punnett gaba yake hange, zanen salsala kuwa baya yake waiwaye. A cikinsa ana zana namiji da murabba'i, mace da da'ira. Wanda halin da ake bi ya bayyana a jikinsa a cike alamarsa da tawada, wanda aka tabbatar yana ɗauke da shi a ɓoye a cike rabinta. Layin kwance yana haɗa uwa da uba, layin tsaye ya gangaro zuwa ƴaƴansu, kuma kowane zubi na zuri'a yana da jerinsa mai lamba I, II, III.

A ɗauka wata mai kiwo a wani ƙauyen Gazawa tana da jar akuya da jan bunsuru, su ne jeri na I. Cikin farko akuyar ta haifi tagwaye jajaye, mace da namiji. A na biyu ta haifi baƙa guda. Mai karanta zane daga cikakkiyar da'irar nan yake farawa, don ita kaɗai ce babu tantama a kanta: jj ce. Tunda j ɗaya daga uwa ta zo, ɗaya daga uba, kuma dukansu jajaye ne, to kowannensu Jj ne, sai a koma sama a cike rabin alamominsu. Tagwayen kuwa sai dai a rubuta musu J da alamar tambaya. Bayan shekara guda jar macen ta girma, jan bunsurun wani gida ya hau ta, wata biyar suka cika ta haifi baƙi a jeri na III. Wannan haihuwa ɗaya ta warware abu biyu: ita Jj ce, bunsurun wancan gidan ma haka. Da ja ta haifa, da alamar tambayar tana nan daram.

Mai son sanin asirin jan bunsuru kafin ya mai da shi uban garke yana da gwaji mai sauƙi, shi ne ya haɗa shi da baƙaƙen awaki. In JJ ne, duk ƴaƴan jajaye za su fito. In Jj ne, kowane ɗa rabi da rabi ne, kuma baƙi guda ya isa hujja. In aka sami jajaye bakwai ba baƙi ko ɗaya, damar bunsuru mai Jj ya ba da irin wannan sakamako ɗaya ce cikin 128.

Ba a kowane jinsi ne ja ke rinjaye ba. A awakin Murciano-Granadina na ƙasar Sifen baƙi ne mai rinjaye, ja mai duhu shi ke laɓewa. Zanen salsala shi ke raba gardama a kowane garke: duk launin da ya ɓullo daga iyaye biyu da ba su da shi, shi ne mai laɓewa. Haka kuma gida huɗun nan na halin da ƙwaya guda ke juyawa ne. Yawan madara, girman jiki da yawan haifar tagwaye suna rataye ne a kan ƙwayoyi masu yawa, ga kuma tasirin abinci da lafiya, don haka jadawalin ba ya faɗin komai a kansu.

Abin da ya fi ɓata zane a ƙauyukan yankin shi ne rashin sanin uba. Da zarar an kawar da amfanin gona an saki dabbobi, akuya mai neman bunsuru tana iya haɗuwa da biyu ko uku a yini ɗaya, har tagwaye su zo kowanne da ubansa. Akwai alamar da ke tona irin wannan kuskure: in zane ya nuna baƙar akuya da baƙin bunsuru sun haifi ja, a garken da aka riga aka ga baƙi laɓewa yake yi, to sunan uban ne ba daidai ba, tunda jj da jj ba su da J da za su bayar. Mai son zanensa ya tsaya da ƙafarsa sai ya killace akuyar da bunsuru guda a kwanaki biyun da take nema, ya rubuta ranar, sannan ya duba ko haihuwar ta faɗo kusa da kwana 150 bayan haka.