Mota da kwandon shara a hoton gidan sayarwa: abin da ake gogewa da abin da ake bari

A unguwanni irin su Gwarinpa, Kubwa da Lugbe, da wuya a tsaya a ƙofar gida da rana a samu fili babu motar maƙwabci ko kwandon shara da ke jiran motar kwashewa. Ma'aikacin da ya kusa ritaya, ko aka yi masa sauyin wurin aiki, yakan ɗauki hoton gidansa a haka ya tura wa dillali, shi kuma dillali ya ce sai an share hoton kafin a sa talla.

Neman nasa ba laifi ba ne, domin mota da kwandon shara ba sa cikin ciniki. Matsalar ita ce kyamara ba ta ga abin da ke bayansu ba. Duk manhajar da ta goge mota, ƙirƙira take yi: tana kwaso launi da zane daga gefe ta cike gurbin.

A ɗauki misalin gida mai ɗakuna uku a Kubwa, inda mota ta rufe ƙasan katanga, rabin ƙofar shiga da kwalbatin da ke gabanta. Idan aka zagaye motar a Photoshop aka zaɓi Content-Aware Fill, katangar takan fito daidai, tun da fenti ɗaya ne. Amma kwalbatin yakan ɓace, daɓen siminti mai santsi ya maye gurbinsa. Mai saye zai zo ya tarar da lambatu da murfinsa ya tsage, wanda babu shi a hoto, kuma daga nan zai fara shakkar takardun filin ma.

Maganin yana wurin ɗaukar hoto. A kafa wayar a kan ƙafar kyamara, a ɗauki hoto, a roƙi mai motar ya ja ta gaba, a sake ɗauka ba tare da an motsa wayar ba. Ko motar ba ta bar wurin gaba ɗaya ba, muddin ta buɗe abin da ta rufe, ya wadatar. Sai a ɗora hotunan biyu a fayil ɗaya, a daidaita su da Auto-Align Layers, a sa Layer Mask a na sama, a shafa baƙin burushi a kan motar. Abin da zai bayyana shi ne ainihin kwalbatin. Kada tazarar hotunan ta wuce 'yan mintoci, domin inuwa tana tafiya da rana. Kwandon shara kuwa, janye shi da hannu ya fi kowace manhaja sauri.

Idan hoto ɗaya kawai ake da shi, sai a koma ga Clone Stamp. Ana buɗe sabon Layer, a sa Sample a kan Current & Below, a danne Alt a zaɓi wuri mai tsabta, sannan a shafa kaɗan-kaɗan. Wanda ya kwafo daga wuri ɗaya kawai zai maimaita tabo ɗaya sau uku a jikin katanga, kuma ido yakan kama wannan nan take. Daɓen bulo mai sarƙa ya fi wuya, saboda bulon da ke kusa da kyamara ya fi na nesa girma. Dole a kwafo daga layin da ke nisa ɗaya da gurbin.

Abu biyu ne suka fi tona asirin mai gaggawa. Mota ta tafi amma inuwarta tana kwance a ƙasa, ko kuma hotonta yana nan a gilashin taga da fentin ƙofa mai sheƙi. Kafin a tura, a ƙara girman hoton zuwa 100%, a bi ƙasan katanga daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a duba ko layin ya karye.

Iyakar gyaran kuwa a fili take. Abin da za a iya ɗagawa ko tuƙawa yau, ana iya goge shi. Taransifoma, falwayar lantarki, tsagewar bango, shatin ambaliya a katanga da jujin unguwa na dindindin duk suna nan daram, kuma sun shafi farashi. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta bayanin da zai ruɗi mai saye wajen tallata kaya. Shi ya sa ya kamata mai gida ya ajiye hoton asali, ya kuma nemi dillali ya nuna masa wanda aka gyara kafin ya hau shafin talla. Idan motar da za a bari a hoton ta maƙwabci ce, a dusashe lambarta.