Yadda Gaban Namiji Ke Miƙewa: Daga Ƙwaƙwalwa Zuwa Jini

A bakinmu, duk maganar da ta shafi tashin gaban namiji da kalmar ƙarfi ake yin ta. Mai tallan magani a tasha yana kiran ƙarfin maza, wanda abin ya gagare shi kuma a ce yana da rauni. Wannan ya sa mutane da dama ke zaton akwai wata tsoka a cikin azzakari da ke ɗaurewa kamar ƙwanjin ɗan dambe idan sha'awa ta motsa. Abin da ke faruwa a jiki akasin haka ne. Lokacin da gaban yake kwance ne tsokar cikinsa take a ɗaure, miƙewa kuwa tana zuwa ne sa'ad da tsokar nan ta saki. Wanda ya gane wannan zai gane dalilin da tsoro ke kwantar da lafiyayyen saurayi, da dalilin da ciwon suga ke yi wa magidanci ɓarna a hankali.

Mu fara da yadda aka ƙera wurin. Babu ƙashi a cikin azzakarin ɗan Adam. Abin da ke ciki shi ne dogayen sanduna uku na nama mai kama da soso. Biyu suna kwance kafaɗa da kafaɗa ta sama, su ne ke ɗaukar nauyin miƙewa. Ta ukun tana ƙasa, hanyar fitsari da maniyyi ta ratsa ta tsakiyarta, ita ce kuma ta faɗaɗa a ƙarshe ta zama kan kaciya. Idan aka yanka ɗaya daga cikin biyun nan na sama aka duba, za a ga dubban ƙananan ramuka masu haɗe da juna, kowane rami bangonsa na ɗauke da wata irin tsoka da mutum ba ya iya sarrafa ta da niyyarsa, irin wadda ke bangon hanji da jijiyoyin jini. Sannan an naɗe kowace sanda cikin biyun nan da wata farar riga mai tauri, kaurinta kamar milimita 2, wadda take miƙuwa zuwa wani matsayi kawai ta tsaya.

A yawancin sa'o'in yini, tsokar ramukan nan a matse take. Ƙananan jijiyoyin da ke kawo jini cikin soson, waɗanda suke a murɗe kamar igiyar da aka tufka, su ma a tsuke suke. Jini kaɗan ne ke shiga, daidai abin da zai ciyar da naman. Mai riƙe da wannan matsi wani ɓangare ne na jijiyoyin saƙo da ke fitowa daga laka, wajen tsakiyar gadon baya zuwa saman ƙugu, yana sakin sinadarin noradirenalin, ɗan'uwan adirenalin. Wannan ɓangaren shi ne dai wanda ke aiki idan mutum ya firgita, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, tafin hannu ya yi gumi, yawu ya bushe.

Hausa tana kiran abu biyu da suna ɗaya, jijiya, alhali aikinsu daban ne. Akwai jijiyar jini, wadda take bututu ce. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda take kamar wayar lantarki. Miƙewa tana bukatar su duka biyun, ta saƙon ce ke ba da umarni, ta jinin ta cika shi.

Umarnin yana iya tasowa ta hanya biyu. Ta farko daga sama take, wato abin da ido ya gani, ko ƙamshin da hanci ya shaƙa, ko murya, ko tunani kawai. Ƙwaƙwalwa tana tattara wannan a wani ɗan yanki da ke can ƙasanta mai suna haifotalamos, ta aika saƙo ta cikin laka. Saƙon yana yin abu biyu a lokaci guda: yana sassauta wancan ɓangaren mai matsewa, yana kuma tada wata cibiya da ke can ƙarshen laka, wadda jijiyoyinta ke fita ta ƙashin da ke saman tsuliya. Hanya ta biyu gajeriya ce. Idan aka taɓa gaban, jijiyar ji tana kai labari wannan cibiya ta ƙasa, ita kuma ta mayar da amsa nan take ba tare da ta jira ƙwaƙwalwa ba. Shi ya sa mutumin da ya yi haɗari lakarsa ta tsinke a sama, har ya daina jin ƙafafunsa, sau da yawa gabansa na iya miƙewa idan an taɓa shi, ko da tunani ba ya iya tada shi. A wurin mai lafiya kuwa hanyoyin biyu taimakon juna suke yi.

Daga cibiyar ƙasa, saƙon yana bi ta wasu siraran jijiyoyi biyu da ke gogar gefen furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara, kafin su shiga soson. Kusancin nan ne ya sa tiyatar cire furostet saboda kansa kan shafi miƙewa, ya kuma sa likitocin tiyata ke matuƙar ƙoƙarin kare jijiyoyin.

A ƙarshen tafiyar ne abin da ya fi ba ni sha'awa yake faruwa. Bakin jijiyar yana fesa wata iska mai suna naitirik oksaid, wadda ba ta wuce daƙiƙoƙi kaɗan take lalacewa. Kafin ta lalace, ta riga ta kutsa cikin ƙwayoyin tsokar ta sa su ƙera wani sinadari da ake rubutawa cGMP. Shi kuma yana rage yawan kalsiyam a cikin ƙwayar, kuma tsoka ba ta iya matsewa sai da kalsiyam. Sai ta saki. Jijiyoyin jinin da ke murɗe su warware su buɗe, ramukan su faɗaɗa, jini ya kwararo. Gudun jinin da kansa yana gogar shimfiɗar cikin jijiyoyin, ita ma shimfiɗar ta fara fitar da tata naitirik oksaid ɗin, wanda ke riƙe al'amarin ya ɗore. Gano aikin wannan iska a jijiyoyin jini ne ya ba Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998.

To amma shigar jini kaɗai ba ta isa ba, domin duk jinin da ya shiga gaɓa yana da hanyar fita. Ka tuna ƙwallon fata irin ta da, mai roba a ciki. Da a ce an sa wani siririn tiyo tsakanin robar da fatar sannan aka hura iska, robar za ta kumbura ta danne tiyon a jikin fatar har ya toshe. Haka nan ƙananan jijiyoyin da ke kwashe jini daga soson suke kwance a ƙarƙashin farar rigar nan. Soson na kumbura, sai ya matse su a jikinta, mafita ta rufe. Jini ya shiga ya rasa ta inda zai fita, matsinsa a ciki ya kai kusan 100 a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. Idan tsokokin da ke gindin gaban suka ƙara matsawa, na ɗan lokaci yakan ninka haka. Sandar ƙasa rigarta siririya ce, ba ta yin tauri irin na biyun sama, kuma hikimar a fili take: da ta yi tauri haka, da hanyar maniyyi ta toshe.

Kwanciya ma aiki ne. Akwai wani sinadari a tsokar, PDE5, da ba shi da aiki sai farfasa cGMP. Bayan inzali ɓangaren mai matsewa yana dawowa da ƙarfi, naitirik oksaid ya daina fita, PDE5 ya share abin da ya rage, tsoka ta matse, mafita ta buɗe. Ƙwayar sildenafil, wadda aka amince da ita a Amurka a 1998, wannan sinadarin take daƙilewa. Ba ta haifar da sha'awa, ba ta kuma ƙera cGMP, tana hana a lalata wanda jiki ya riga ya yi ne. In saƙo bai zo ba, babu abin da za ta tsare. Kuma haɗa ta da magungunan ciwon ƙirji na zuciya masu naitiret na iya faɗar da jini ƙwarai har ya kai ga halaka, domin su biyun hanya ɗaya suke bi.

Mu ɗauki mutum biyu. Na farko ango ne ɗan shekara 27. Kullum da asuba yakan farka gabansa a miƙe, amma a daren farko abin ya ƙi, washegari kuma ya shiga ɗaki yana tunanin jiya, zuciyarsa na bugawa. Lafiyayyen namiji yana samun miƙewa sau 3 zuwa 5 a dare, a lokacin barcin mafarki, sa'ad da ɓangaren mai matsewa ya yi sanyi, kuma ta asuba ita ce ta ƙarshe a cikinsu. Tunda wannan ango yana samun ta da cikakken tauri, jijiyoyin saƙonsa da na jininsa da farar rigar duk suna aiki. Fargaba ce ta zuba masa noradirenalin, tsokar ta ƙi saki. Duk yadda ya dage sai abin ya ƙara ƙi, saboda dagewar ita kanta matsi ce. Raina yakan ɓaci idan na ji an gaya wa irin wannan yaro cewa an ɗaure shi, ko an ɗora wa amarya laifi, alhali abin da yake bukata natsuwa ce da lokaci da wanda zai yi masa bayani.

Na biyu magidanci ne ɗan shekara 55, ya yi shekara 10 da ciwon suga, yana kuma shan taba. Nasa bai zo dare ɗaya ba. Taurin ne ya riƙa raguwa cikin shekara biyu, yana tashi ya kwanta tun ba a gama ba, ta asuba ma ta yi wuya. Suga ya lahanta siraran jijiyoyin saƙo, shi da taba sun kuma ɓata shimfiɗar jijiyoyin jini, naitirik oksaid ya yi kaɗan. Soson ba ya kumbura yadda zai danne mafita, don haka jini na shiga yana zurarewa. Wannan mutum ba basir ne ke damunsa ba, kuma likita zai so ya auna zuciyarsa. Jijiyar jinin azzakari faɗinta milimita 1 zuwa 2 ne, ta zuciya kuwa 3 zuwa 4, saboda haka ƙaramar ce ke fara nuna toshewa, sau da yawa shekaru kaɗan kafin ciwon zuciya ya bayyana.

Rufewar mafitar nan da ke kawo tauri tana da iyakarta. Jinin da aka tsare ba ya samun sabuwar iska, kuma idan ya daɗe naman soson yakan fara mutuwa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin masu sikila suna da yawa a cikinmu, kuma ƙwayoyin jininsu masu lanƙwasa kan maƙale a ramukan su hana jini fita. Yaro ko saurayi mai sikila yana iya farkawa cikin dare da miƙewa mai zafi ba tare da wata sha'awa ba, sandunan sama sun yi tauri, kan kaciya kuwa da laushi, kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Miƙewar da ta kai awa 4 ba ta kwanta ba ta asibiti ce a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne. A can likita zai zuƙe baƙin jinin da allura, ya sa maganin da ke yin aikin noradirenalin don tsokar ta matse. Idan aka bari ta wuce kwana ɗaya, tsokar kan rikiɗe ta zama tabo, miƙewa kuma ba lalle ta sake dawowa ba.