Intanet Ɗin Gida Na Tafiyar Hawainiya? Ga Yadda Ake Gano Dalili

Idan bidiyo ya fara tsaitsayawa a gida, kada a yi gaggawar ɗora wa kamfanin sadarwa laifi. Abu uku ne ke jawo haka, kuma kowanne da alamarsa.

Ɗauki waya ka tsaya kusa da rauta, ka auna saurin intanet da Speedtest, sannan ka sake aunawa a ƙuryar ɗaki. Misali, idan ka samu 20 Mbps a falo amma 2 Mbps a ɗaki, kuma sandunan Wi-Fi sun ragu, sigina ce ta yi rauni. Bangon siminti da ƙofar ƙarfe suna cinye ta. Fito da rautar daga bayan talabijin, ka ɗora ta a sama a tsakiyar gida.

Idan kuwa sandunan a cike suke amma saurin na hawa da sauka, ka zargi katsalandan daga rautocin maƙwabta ko na'urorin Bluetooth, domin duk suna cunkushe a zangon 2.4 GHz. Koma 5 GHz idan rautarka na da shi, ko ka sauya tasha zuwa 1, 6 ko 11.

Amma idan ko da ka haɗa kwamfuta da rautar ta kebul saurin bai ƙaru ba, layin ne ya cika, musamman in yana gudu da asuba ya sassauta bayan isha'i. Fara duba ko wani a gidan na sauke manyan fina-finai. In babu, kai ƙorafi ga kamfanin da sakamakon awonka a hannu. Sayen sabuwar rauta ba zai magance cunkoson layi ba.