Lissafi Daidai, Amma Maki Ya Zube

Shirinmu na yau na ɗalibai ne, musamman masu shirin rubuta WAEC da NECO, da malamansu da iyayensu. Akwai kukan da ake yawan ji bayan an raba takardun gwaji a darasin fiziks ko kemistiri. Yaro ya bi ƙa'ida, ya raba abin da ya kamata ya raba, ya kwafe abin da kalkuleta ta nuna masa bai bar ko lamba ɗaya ba, amma sai ya tarar malam ya ja jan biro a kan amsar ƙarshe. Sai ka ji yana cewa an zalunce shi. Ni a ganina ba a zalunce shi ba, sai dai sau da yawa ba a taɓa zaunar da shi an gaya masa dalili ba.

Maganar ita ce ta muhimman lambobi, waɗanda takardar jarrabawa ke taƙaitawa da s.f. Mai takarda da biro a kusa ya ɗauko, mu yi aiki ɗaya tare.

An ba ɗalibi guntun ƙarfe, aka ce ya gano nauyin kowane mililita ɗaya na jikinsa, wato densiti. Ya ɗora shi a sikeli, sikeli ya nuna giram 47.3. Ya jefa shi cikin kwalbar awo mai ruwa, ruwan ya ƙaru da mililita 6.0. Sai ya raba 47.3 gida 6.0, kalkuleta ta fito da 7.883333, ya rubuta haka. Rabawar ba ta da aibu. To ina matsalar?

Matsalar tana cikin 6.0 ɗin nan. Wanda ya rubuta 6.0 yana cewa ne idonsa da kwalbarsa sun iya rarrabe kashi ɗaya cikin goma na mililita, ba su wuce nan ba. Ainihin ƙaruwar ruwan tana iya zama 5.95, tana iya kaiwa 6.05, duk 6.0 za a rubuta. Yanzu mu gwada gefen biyu. Idan 5.95 ne, amsa za ta zama kusan 7.95. Idan kuwa 6.05 ne, za ta sauko kusan 7.82. Kun ji tazarar: daga 7.82 zuwa 7.95. Bakwai ɗin farko tana nan daram. Lamba ta biyu ta fara rawa tsakanin takwas da tara. Duk abin da ya biyo bayanta kuwa, babu awon da ya tsaya masa.

Saboda haka ɗalibin da ya rubuta 7.883333 ya yi iƙirarin cewa ya san nauyin ƙarfen nan har zuwa kashi ɗaya cikin miliyan, alhali kayan aikinsa ba su ba shi wannan sanin ba. Kamar mutum ne ya auni gero da mudu, sannan ya ce zai faɗi yawan ƙwayoyin da ke ciki. Kalkuleta ba ta san da wace kwalba aka yi awo ba, lambobi kawai aka danna mata. Amsar da ta dace ita ce giram 7.9 a kowane mililita. Ƙa'idar a wajen ninkawa da rabawa ita ce amsa ta bi awon da ya fi ƙarancin muhimman lambobi. 47.3 yana da uku, 6.0 yana da biyu, don haka amsa biyu za ta ɗauka.

Akwai kuma kuskuren da yake kishiyar wannan, kuma shi ya fi ba ni tausayi, domin yaran da suka iya lissafi yake kamawa. A ce abu ya yi tafiyar mita 12.0 cikin daƙiƙa 4.00, aka nemi saurinsa. Kalkuleta za ta nuna 3 tsurarta, domin ita ba ta ajiye sifilin ƙarshe. Ɗalibi ya rubuta 3, aka rage masa maki, ya ce ai 3 da 3.00 duk ɗaya ne. A darasin ƙidaya ɗaya ne, amma a wajen awo sun bambanta. Wanda ya rubuta 3 yana nufin abin yana tsakanin 2.5 da 3.5. Wanda ya rubuta 3.00 yana nufin tsakanin 2.995 da 3.005. An yi awo mai kyau, sai shi ɗalibin ya zubar da ingancinsa wajen rubutawa. Wannan ne ya sa a gwajin kemistiri malamai ke nacewa a rubuta abin da aka karanta a jikin biret da lambobi biyu bayan ɗigo, a rubuta 24.50, kada a tsaya a 24.5.

Sifili dai sai an lura da inda ya zauna. Wanda ya zo a gaba, kamar biyun farko a 0.0450, wuri kawai yake riƙewa, ba a ƙirga shi. Na ƙarshen kuwa ana ƙirga shi, don haka muhimman lambobi uku ke nan: huɗu, biyar da sifili. Idan tambaya ta ce a ba da amsa a lambobi uku, ɗalibi ya fara ƙirga daga sifilin farko ya rubuta 0.05, ya ba da lamba ɗaya ke nan a inda aka nemi uku.

Wani kuma da ya ji wannan bayani sai ya shiga datse lambobi tun daga tsakiyar aiki, wanda shi ma asara ne. Ɗauki akwati mai gefe daidai wa daida, kowane gefe santimita 2.46. Idan ka ninka 2.46 sau uku a kansa, ka datse a ƙarshe, za ka sami 14.9. Idan ka fara mayar da shi 2.5 kafin ka ninka, 15.6 za ka samu. Ɗan gyaran da ka raina ya ninku har ya ɓata amsar. A bar lambobin cikin kalkuleta har a kai ƙarshe, sannan a datse sau ɗaya.

Sai dai ƙa'idar tana da iyaka. Abin da aka ƙirga ba ya shiga cikinta, sai abin da aka auna. Idan lilo ya je ya dawo sau 20 cikin daƙiƙa 28.4, wannan 20 ɗin cikakke ne babu shakka a kansa, don haka lokacin zuwa da dawowa ɗaya daƙiƙa 1.42 ne, da lambobi uku irin na agogo. Haka kuma idan tambaya ta faɗi adadin lambobin da take so, umarninta ke gaba da komai.

A tsarin duba takardun lissafi, akan ware makin hanya daban, makin amsar ƙarshe daban. Shi ya sa ɗalibi zai iya cin makin aikinsa ya rasa na ƙarshen. Maki ɗaya a nan, ɗaya a can, a takarda mai tambayoyi da yawa, yana iya sauke yaro daga wani mataki zuwa na ƙasa.

Kirana ga malamai shi ne, kada jan biro ya zama shi kaɗai ne bayani. Ku sa ɗalibai su raba 47.3 da 5.95, su sake rabawa da 6.05, su ga da idonsu inda lambobin suka fara rawa. Ku kuma ɗalibai, kafin ku ja layi a ƙarƙashin amsa, ku koma kan tambayar ku duba lambobi nawa aka nema, in ba a faɗa ba ku ƙirga na awon da aka ba ku.